Sharhi: aikin gyaran take da buɗe amsa don masu nema da murya

Ina sana'ar dankalin Turawa a Jos. Ina sayowa daga manoman Bokkos da Mangu, ina tura wa masu gidajen abinci a Abuja da Kano, kuma ina da ɗan shafin intanet da nake rubuta bayanan kaya a kai. A bana na biya wata matashiya a nan Jos, mai aikin gyaran shafuka, ta sake mini taken rubuce-rubucena da jimlolin farko na kowanne, don su dace da yadda mutane suke yi wa waya tambaya da baki. Ra'ayina shi ne aikin ya ci kuɗinsa, amma akwai ɓangaren da bai kamata a saya ba.

Dalilin da ya sa na shiga ciki ba boyayye ba ne. A watan Oktoban 2024 Google ya sanar da cewa neman bayani da murya ya fara karɓar Hausa, tare da wasu harsunan Afirka irin su Yarbanci da Ibo. Da yawa daga cikin masu saye a wurina ba sa son danna haruffa, saƙon murya suke turo mini ko da kalma uku ce. Mutumin da ya saba haka, in ya tashi neman abu, magana zai yi. Kuma mai rubutu da mai magana ba tambaya ɗaya suke yi ba. Mai rubutu zai sa "ajiyar dankali" ya tsaya. Mai magana kuwa zai ce, "Yaya ake ajiye dankalin Turawa kada ya ruɓe?", jimla cikakkiya, kamar yana gaban tebur a kasuwar Farin Gada.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta zauna ta ƙirƙiro tambayoyi daga kanta ba. Ta ce in kunna mata saƙonnin muryar da abokan ciniki suka turo, tana rubuta tambayoyinsu yadda suka faɗe su. Sannan ta buɗe Google Search Console, wato dandalin Google da ke nuna wa mai shafi abin da mutane suka nema har shafinsa ya bayyana, ta shiga Performance, ta tace Queries da Custom (regex) da wannan layin:

```
^(yaya|ta yaya|nawa|ina|me ya sa|wane|yaushe)\b
```

Layin yana fito da duk neman da ya fara da ɗaya daga cikin waɗannan kalmomin, kuma ana iya duba baya har wata 16. A nan muka ga cewa shafina yana bayyana ga masu tambayar ajiya, amma can ƙasa, kuma ba a cika danna shi ba.

Shafin da ake magana a kansa takensa a da shi ne "Muhimman bayanai game da dankalinmu mai inganci". Yana buɗewa da sallama, da godiya ga abokan hulɗa, da tarihin yadda na fara sana'ar. Maganar ajiya tana sakin layi na huɗu. Ta mayar da taken haka:

```
<title>Yaya ake ajiye dankalin Turawa kada ya ruɓe?</title>
```

Bai kai harafi 50 ba, don haka yana fitowa cikakke a allon waya. Take in ya haura harafi 60 ko kusa da haka, yawanci ana datse wutsiyarsa. Babban kan rubutun ma ta sa masa tambayar nan, domin Google yakan sauya take da kansa idan ya ga bai dace da abin da ke ciki ba. Daga nan sai amsa, ba tare da wata gabatarwa ba: "Ana ajiye dankalin Turawa a wuri mai sanyi da duhu wanda iska ke ratsawa. Kada a wanke shi kafin ajiya, a tsince duk wanda ya ji rauni ko ya fara laushi, a shimfiɗa sauran a kan katako ko a zuba a kwando. Kada a bar shi cikin leda, domin danshi ne ke kawo ruɓa."

Ku lura da jimlar farko. Ta ambaci sunan kayan, ta maimaita aikatau ɗin da ke cikin tambayar, ta ba da amsa. Dalili kuwa shi ne ana iya ciro wannan sakin layin shi kaɗai a nuna shi a saman sakamakon nema, ko waya ta karanta wa mutum shi. Wanda ya ji shi bai ga take ba, bai ga abin da ya gabata ba. In ka fara da "kamar yadda muka faɗa a sama" ko "shi wannan kaya", an bar mai sauraro a duhu. Gwajin da ta koya mini mai sauƙi ne: ka karanta wa wani sakin layin farko da ƙarfi ba tare da ka gaya masa take ba. In ya gane tambayar da ake amsawa, kuma ya san abin da zai je ya yi, ya yi daidai. Tsawon da take bi kalma 40 zuwa 60 ne, wanda al'adar masu wannan aiki ce, ba doka ba. Sauran bayani, irin dalilin da ya sa haske ke sa dankali ya yi kore da ɗaci har ya zama bai dace da ci ba, ya biyo baya a ƙarƙashin nasa ƙaramin kan.

Mun ɗan ja a kan sallama. Ni dai ban saba buɗe baki ga mutane ba tare da gaisuwa ba, kuma ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Ta ce, "Alhaji, wanda ya tambayi waya buhunsa ne ke lalacewa. Ka ba shi amsa tukuna, gaisuwar ta biyo baya, ai ba za ta ɓace ba." Haka muka yi, sallamar tana nan a sakin layi na biyu.

Bayan wasu makonni shafin ya matso sama a kan tambayoyin ajiya, masu dannawa suka ƙaru, kuma na fara samun kira daga mutanen da ban taɓa hulɗa da su ba. Sai dai ba zan ce murya ce ta kawo su ba. Search Console ba ya ware neman murya daga na rubutu, duka wuri ɗaya yake zuba su, kuma yana ɓoye tambayoyin da ba a cika yi ba. Iyakar abin da za ka gani shi ne doguwar tambaya mai kama da magana, ka yi zato. Duk wanda ya yi maka alkawarin adadin masu zuwa ta murya, tambaye shi inda zai ciro lissafin.

Inda ban gamsu ba wuri biyu ne. Ta so a mayar da kowane take tambaya, har da na farashi: "Nawa ne buhun dankali a Jos yau?" Tambaya ce da ake yi sosai, amma kalmar "yau" alkawari ce. Farashin lokacin girbin damina daban yake da na rani, wani sa'in ma a cikin mako ɗaya yana motsi. In ba za ka iya sabunta lambar da kwanan wata a jimlar farko kullum ba, mai saye zai zo da tsohon farashi a bakinsa, ku fara ciniki da musu. Na cire "yau", na sa ranar da aka rubuta farashin a gaba. Na biyu kuma ta sa kuɗi daban don ƙara alamar FAQPage a bayan shafuka, wato alamar da ke sanar da Google cewa shafin jerin tambayoyi ne da amsoshinsu. A watan Agustan 2023 Google ya taƙaita nuna irin waɗannan tambayoyi a sakamako ga sanannun shafukan gwamnati da na lafiya, don haka ɗan kasuwa irina ba zai ga komai a allo ba. Wannan ɓangaren na ce ta bar shi, na biya kuɗin take da buɗe amsa kaɗai.