Teburin Excel ko manhajar lissafin kaya: abin da ɗan kasuwa zai duba kafin ya bar littafi

A yawancin shagunan kasuwar Singer da Kantin Kwari a Kano, babban littafi mai kaurin bango yana biyan buƙata muddin mai shago ne ke karɓar kaya da hannunsa, shi ne kuma ke sayarwa. Matsala tana somawa ne ranar da aka kama sito a wani layi dabam, aka ɗauki yara biyu ko uku, sannan 'yan sari daga Haɗeja da Maraɗi suka fara ɗaukar kaya bashi. Daga nan sai a ga littafi yana cewa akwai katan ɗari, sito kuma yana nuna tamanin, babu wanda zai iya faɗin ranar da giɓin ya samu. Mai neman mafita yana da hanya biyu: ya buɗe teburin lissafi a kwamfuta, irin Excel ko Google Sheets ko LibreOffice Calc, ko kuma ya ɗauki manhajar da aka gina musamman domin lissafin kaya, irin Zoho Inventory da Odoo da Loyverse, ko wadda masu rubuta manhaja na cikin gari suke sayarwa.

Mutane da yawa suna zaton yawan kaya ne ke raba gardama, alhali shafi ɗaya na Excel yana ɗaukar layi 1,048,576, wanda shagon da ke rubuta layi ɗari uku kullum zai shekara tara bai cika shi ba. Abin da ya kamata a ƙirga shi ne hannuwan da ke rubutu, da wuraren da kaya ke kwana, da kuma ko mai dukiya yana buƙatar sanin wanda ya canja wata lamba da lokacin da ya canja ta.

Mu ɗauki misalin wani mai sayar da kayan masarufi a Singer, yana da shago ɗaya da sito ɗaya, mu bi kaya guda, wato taliya mai leda 20 a katan. Kuskuren farko da ake yi shi ne a mayar da tebur tamkar allo: a rubuta sunan kaya, a gefensa adadin da ya rage, duk lokacin da aka sayar a goge tsohuwar lamba a sa sabuwa. Irin wannan tebur bai kai littafi amfani ba, domin a littafi ko an soke rubutu alamarsa tana nan. Tsarin da ke aiki shi ne a buɗe shafi ɗaya, a sa masa suna Motsi, kowace shiga ko fita ta kaya ta samu layinta, ba a kuma taɓa tsohon layi. Ginshiƙin A ranar da abin ya faru, B lambar kaya, C wuri, D dalili, E adadi, F sunan wanda ya rubuta. Kayan da suka shigo a rubuta su yadda suke, waɗanda suka fita a sa musu alamar ragi. A wani shafin kuma, inda lambar kaya take a A2, wannan ƙa'idar lissafi ta Excel ko Google Sheets za ta fitar da abin da ya rage a sito:

```
=SUMIFS(Motsi!E:E,Motsi!B:B,A2,Motsi!C:C,"SITO")
```

A ce an buɗe wata da katan 120 a sito, mota ta sauke 200, an sayar wa 'yan sari 175 kai tsaye, an tura 60 shago, wani ya dawo da 5. Ƙa'idar za ta nuna 90. Idan aka ƙirga da hannu aka tarar da 86, mai shago ba zai tsaya yana zargin kowa a duhu ba: zai tace layukan taliya na watan, ya gwada su da rasit ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga ranar da katan huɗu suka fita babu rubutu. Tura kaya daga sito zuwa shago kuwa layi biyu yake ci, ragi 60 a SITO da ƙari 60 a SHAGO, kuma mantawa da layi na biyu yana cikin abubuwan da suka fi ɓata lissafi.

Ga wanda shi kaɗai ke riƙe da tebur, ko shi da akawu ɗaya amintacce, wannan tsari ya wadatar, kuɗinsa kuma kaɗan ne, tunda LibreOffice Calc kyauta ne, Google Sheets ma asusun Google kawai yake buƙata. Sai dai tebur yana karɓar duk abin da aka ba shi ba tare da musu ba. Idan yaro ya rubuta SITO ya bar fili a ƙarshen kalmar, SUMIFS ba za ta ƙirga layin ba, kuma babu gargaɗin da zai fito. Idan ya rubuta "60 katan" a gurbin adadi, kwamfuta ta ɗauke shi rubutu, ta tsallake shi. Maganin waɗannan biyu shi ne Data Validation, wanda ke tilasta zaɓen wuri da lambar kaya daga jeri, ya kuma hana shigar da komai a ginshiƙin E sai lamba, sannan a kulle shafin ƙa'idoji da Protect Sheet. Akwai kuma wani abu da ke ruɗa masu amfani da lambar layi-layi ta jikin kaya: lamba mai tsawon 13, irin wadda kayan da aka yi wa rajista a Najeriya ke farawa da 615, Excel yakan nuna ta kamar 6.15E+12, yakan kuma zubar da sifirin da ke farkon lamba. Masu sayar da waya a Farm Centre, waɗanda ke ajiye lambar IMEI, wato lambar shaidar kowace waya mai tsawon 15, su ma suna cin karo da haka. Sai an mayar da tsarin ginshiƙin zuwa Text, wato rubutu, kafin a fara shigarwa.

Inda tebur ya fi gazawa shi ne wajen fasa katan. Katan 60 da aka kai shago leda 1,200 ke nan. Idan an sayar da katan 41 da kuma leda 33 ɗai-ɗai, an fitar da 853, saura 347, wato katan 17 da leda 7. Ana iya yin wannan a tebur idan an amince cewa komai da leda za a rubuta shi, amma da zarar yaro ɗaya ya rubuta 5 yana nufin katan, wani ya rubuta 5 yana nufin leda, lissafi ya rushe. Haka abin yake ga mai shadda a Kwari da ke sayen bandir yana yankan yadi, da mai hatsi a Dawanau da ke sayen buhu yana auna kwano. Manhaja mai kyau takan bari a faɗa mata sau ɗaya cewa katan leda 20 ne, daga nan ta riƙa ragewa da kanta. Ba kowace ce ke yin haka ba, musamman waɗanda aka gina domin kantin da ke sayar da ɗai-ɗai kawai, don haka wannan ne gwajin farko da zan ce a yi wa mai talla: a ba shi katan 60 ɗin nan, a sayar da 41 da leda 33 a gabansa, a ga ko allo zai nuna abin da ya dace.

Sai batun kuɗin saye, wanda a lokacin da farashi ke hawa yakan ɓoye asara. A ce, don misali kawai, katan 120 na farko an saye su a kan naira 16,000 kowanne, sababbin 200 kuma a kan 18,000. Jimilla naira 5,520,000 a kan katan 320, matsakaicin kuɗin katan ya zama 17,250. Wanda ya sayar a kan 17,800 yana tuna tsohon farashi zai ɗauka ya ci ribar 1,800, alhali bisa matsakaici 550 ce, idan kuma ya koma sari gobe sai ya ƙara 200 daga aljihunsa kafin ya mayar da katan ɗin. Manhaja tana sabunta wannan lissafi duk lokacin da aka shigar da sabon sari. A tebur ma yana yiwuwa, amma yana buƙatar mai hannu a ƙa'idoji, kuma idan ya bar aiki, sau da yawa babu wanda ya san yadda ya ɗaure su.

Babban abin da ake biya wa kuɗi a manhaja shi ne iko a kan wanda ke yin me. Kowane yaro yana shiga da sunansa, yana iya sayarwa amma ba ya ganin kuɗin saye, ba ya rage farashi fiye da iyakar da aka sa masa, kuma idan ya soke rasit, sokewar tana nan da sunansa da sa'arta. Google Sheets yana da Version history da ke nuna wanda ya gyara fayil, amma bin diddigin lamba ɗaya a cikin gyare-gyaren wata guda aiki ne mai cin rai. Fayil ɗin Excel da ake aikawa ta WhatsApp kuwa, cikin mako guda sai ya zama kwafi uku, kowanne da nasa lissafin.

Kafin a biya kuɗin kowace manhaja, a cire intanet a gaban mai talla a gwada sayarwa, domin layukan cikin kasuwa ba ko'ina sabis ke kaiwa ba, sannan a mayar a ga ko cinikin ya hau daidai. A tambayi yadda take riƙe bashin abokan ciniki da biyan da ake yi kashi-kashi, wani da tsabar kuɗi wani ta tiransifa. Mai sayar da madara ko magani ya tabbatar tana bin ranar lalacewar kowane rukuni. A san ko kuɗin wata-wata ne, da naira ne ko da dala, kuma ko yana ƙaruwa idan an ƙara ma'aikaci ko reshe, a haɗa da kuɗin firintar rasit da na'urar karanta lambar kaya da batirin da zai riƙe su idan wuta ta ɗauke. Sharaɗin da ni ba zan sassauta ba shi ne fitar da bayanai: a sa mai talla ya fitar da jerin kaya da ciniki da basussuka a fayil ɗin CSV, wato fayil na tebur zalla, a buɗe shi a Excel a gani da ido. Manhajar da ba ta barin a kwashe bayanai ta riƙe wa mutum littafinsa ne, ranar da mai ita ya daina ɗaukar waya ko ya ninka kuɗi babu inda za a nufa.

A ganina, mai wuri ɗaya da mutum ɗaya ko biyu ke rubutu ya fara da tebur mai shafin Motsi. Ko da daga baya zai koma manhaja, watannin da ya yi a tebur sun tilasta masa bai wa kowane kaya lamba ɗaya da suna ɗaya, kuma wannan jerin ne manhajar za ta nema a ranar farko. Wanda ke da sito da shago, da yara uku suna sayarwa lokaci guda, yana fasa katan yana kuma ba da bashi, ya riga ya wuce abin da tebur zai riƙe masa cikin aminci. Idan ya yanke shawarar komawa, ya zaɓi ranar da ciniki ya yi sanyi ya rufe shago, a ƙirga kowane kaya da hannu, a shigar da abin da aka gani a ƙasa a matsayin adadin farawa, a ƙyale abin da tsohon littafi ya ce. Sannan a ci gaba da rubuta littafin tare da manhajar na mako biyu zuwa huɗu, kowace yamma a zaɓi kaya goma mafi tafiya a ƙirga su, a gwada da abin da allo ya nuna kafin a kulle ƙofa.