Had-dis na ƙas-ƙas: kashe shi tukuna, sannan ka zaɓi inda kuɗinka zai tafi

A cikin had-dis akwai faifai mai juyawa, na laftof yawanci sau 5400 a minti, wato sau 90 a daƙiƙa. Allurar da ke karanta shi ba ta taɓa shi kamar ta garmaho, iska ce ke ɗauke da ita, kuma tazarar da ke tsakaninsu ko ƙwayar ƙura ta fi ta girma. Ƙas-ƙas ɗin nan allurar ce ta fita neman layi, ta rasa, ta koma mazauninta ta sake fita. In ta lanƙwashe, kankare fentin maganaɗisun da bayananka ke kai take yi, garin da ta kankaro kuma ya shiga ƙarƙashinta ya ƙara ɓarna. Abin da aka kankare babu gwanin da zai dawo da shi.

A ce kai mai ɗaukar hoto ne, hotunan biki na kan had-dis mai terabayit 1, ya faɗo daga tebur yana aiki. Abu mafi arha da za a nuna maka shi ne manhaja irin Recuva ko PhotoRec. An yi su ne don fayil da aka goge a lafiyayyen had-dis. Binciken da suke yi na ɗaukar sa'o'i, kuma a awa ɗaya faifan zai wuce ƙarƙashin karyayyiyar allura sau 324,000. `chkdsk /f`, umarnin gyaran had-dis na Windows, ya fi muni, domin shi har rubutu yake yi a kai. Saka shi a firiza kuwa raɓa kawai zai jawo masa.

Sayen sabon had-dis a kwafe tsohon a kai dabara ce mai kyau, amma ga wanda ba ya ƙara, sai dai nauyi, kuma manhajar CrystalDiskInfo ta nuna `Current Pending Sector Count`, wato yawan wuraren da suka ƙi karantuwa, na hawa. Sabon ya kai tsohon girma ko ya fi, sai a yi wannan a Linux:

```
sudo ddrescue -f -n /dev/sdb /dev/sdc map.log
```

Zai fara kwashe wuraren da ke da lafiya, ya tsallake masu wuya. A wannan misalin `/dev/sdb` ne tsohon, `/dev/sdc` sabon. A tabbatar tsohon ne na farko a layin, don in aka juya su, an shafe komai. Manhajar ceto a kan kwafin ake sa ta.

Mai ƙas-ƙas bayan faɗuwa, ni dai ban ga wata hanya ba sai masu ɗaki marar ƙura, waɗanda ke ciro allura daga wani had-dis irinsa su dasa. Akwai tsada, sau da yawa fiye da kuɗin sabo. Ka tambaye su a ina suke buɗewa, kuma ko za ka biya in ba a samu komai ba. Wanda ya ɗauko sukudireba a kan teburin shago, karɓi kayanka.

In na waje ne kuma bai faɗi ba, wani lokaci ƙarancin wutar USB ne ke sa shi ƙara. Canza kebul ka gwada sau ɗaya. Ya sake ƙas, zare shi.