Takardar abincin da na bi daga wata na biyar har haihuwa

Cikina na uku yana da mako 20 aka ɗebi jinina a wajen awo, sakamako ya fito kashi 28. Ungozomar ta ce ga mai ciki, duk abin da ya gaza 33 ƙarancin jini ne. Ni dama jikina ya riga ya faɗa min. Kafin azahar ƙarfina ya ƙare, in na miƙe daga wanke-wanke sai jiri, ga wani kwaɗayin tauna ƙanƙara da ban taɓa yi ba a cikin yarana biyu. Daga baya na ji cewa wannan kwaɗayin, shi da na farar ƙasa, yakan zo da ƙarancin sinadarin ayan, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi. A ranar aka tura ni wajen wata malama mai kula da abinci a asibitin, ta rubuta min tsari na mako guda da zan riƙa maimaitawa. Na bi shi wata huɗu da 'yan kwanaki, shi ya sa nake ganin zan iya faɗin inda ya yi da inda bai yi ba.

Kafin ta rubuta komai sai da ta tambaye ni abin da nake karyawa da shi. Na ce shayi da madara da burodi, sannan in kora ƙwayar ƙarin jini da ragowar shayin. Ta ajiye biro ta ce, "Hajiya, ai nan matsalar take." Ganyen shayi yana da wani sinadari da ke kama ayan a cikin hanji ya hana jiki ɗaukarsa, madara ma tana rage shi. Ashe wata biyu ina haɗiyar magani kullum, ina kuma rage masa ƙarfi da hannuna. Ba ta hana ni shayi ba. Ta mayar da shi hantsi, kofi ɗaya, awa biyu tsakaninsa da ƙwaya ko babban abinci. Ƙwayar kuma ta ce in sha ta da ruwa, in bi da lemon zaƙi ko gwaba, domin bitamin si yana taimaka wa ayan shiga jiki. A ganina wannan gyaran kaɗai ya fi duk sauran abin da ke takardar amfani, kuma ko sisi bai ci min ba.

Yinin ya kasu kashi biyar ko shida maimakon uku. Da safe kokon gero da ƙosai, ko alala da ƙwai ɗaya. Ta fi son koko a kan burodi saboda jiƙa gero da barin gasara ta yi tsami yana rage abin da ke ɗaure ayan a cikin hatsi. Wajen sha ɗaya gyaɗa cikin tafin hannu da ayaba. Rana shinkafa da wake, amma waken ya kai rabin kwano, da kifi ko yankan nama biyu da ɗanyen tumatir. La'asar kwaɗon zogale da ƙuliƙuli. Dare tuwon dawa ko na gero da miyar alayyahu ko taushe, ba da yawa ba. Cikin mako na biyu wannan mutuwar jikin ta azahar ta fara barina. Da can burodi da shayi mai sukari suna ɗaga ni na awa biyu su sake ni, yanzu kuwa wake da gyaɗa suna daɗewa a ciki, kuma ba na barin awa uku ta wuce ban sa komai a baki ba.

Wake shi ne ginshiƙin tsarin, kuma da ta yi min lissafi na gane dalili. Mai ciki tana buƙatar kusan miligiram 27 na ayan a rana, da maikirogiram 600 na folet, wato sinadarin da ake bayarwa a ƙwaya da sunan folik asid. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana ba da wajen miligiram 4 na ayan, kuma ya haura rabin folet ɗin yini. Wato a wajen folet wake da ganye sun kusa rufe buƙata, amma a wajen ayan da sauran tafiya mai nisa, balle ma na tsirrai bai kai na nama da kifi saurin shiga jiki ba. Na ji daɗin cewa ba ta ɓoye min wannan ba. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya tana so kowace mai ciki ta sha ƙwaya mai ayan miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikirogiram 400 kullum, ko da abincinta ya yi kyau, ni kuma da jinina ya riga ya sauka likita ya rubuta min nawa adadin. Bayan gida zai yi baƙi, kada in tsorata. Ciki zai iya ɗaurewa, kuma ya ɗaure, sai da na ƙara ruwa da gwanda.

Girkin ganye ma sai da na sake hannu. Na saba tafasa alayyahu in tsiyaye ruwan, in kuma jefa kanwa ya yi laushi. Folet yana bin ruwa ya tafi, dogon zafi yana lalata shi, kanwa kuma tana kashe bitamin si. Yanzu sai miya ta kusa sauka nake zuba ganye, minti biyar in kashe wuta. Wake kuwa in jiƙa shi tun dare, ba ya neman kanwa.

Inda takardar ta gaza shi ne an rubuta ta kamar ni kaɗai nake ci a gidan. Mu bakwai ne a tukunya ɗaya, kifi sau huɗu a mako ga mutum bakwai ba ƙaramin cefane ba ne. Ni na nemo mafita, ina daka busasshen kifi da daddawa a miya, ƙwai kuma in dafa nawa daban. Na biyu, ba ta yi tanadin ƙwannafi ba. A wata na takwas kwaɗon la'asar da tuwon dare suna hana ni kwanciya, dole na dawo da tuwo kafin magariba, na rage yaji da mai, tsarin bai ce komai a kan haka ba. Sai maganar hanta. Surukata ta yi ta aiko min da ita, tana cewa, "'Yar nan, ita ce maganin jini." Takardar ba ta ambace ta ba sam, sai da na koma na tambaya aka ce min hanta tana da ayan sosai amma bitamin A na cikinta ya yi yawa ga mai ciki, musamman a watannin farko, in bar ta. Wannan abu ne da ya kamata a rubuta shi ƙarara, don a gidajenmu hanta ake fara ba wanda jininsa ya yi ƙasa.

Bayan mako shida jinin ya koma 31, da cikin ya kai mako 34 jinin ya kai 34. Ba zan jingina wannan ga abinci kaɗai ba, domin a lokacin ina shan ƙwayar yadda ya dace, an ba ni maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a wajen awo, an ba ni na tsutsar ciki, ina kuma kwana cikin gidan sauro. Abin da na tabbatar abincin ya yi min shi ne ƙarfin yini da raguwar jiri. Ƙanwata da ke shirin aure na ba ta takardar, amma na ce ta fara folik asid tun kafin ta ɗauki ciki, saboda lakar bayan jariri tana haɗuwa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da yawancinmu ba mu ma san mun ɗauka ba. Ita mai sikila ce, don haka maganar ƙwayar ayan na ce kada ta taɓa sai likitanta ya duba jininta.