Kwastoma Ta Yaba Kayanka a Intanet: Da Me Za Ka Gano, Kuma Ta Yaya Za Ka Nemi Izinin Sake Wallafawa?

Wata Hajiya mai ɗinkin amare da nake kula mata da shafinta na Instagram ta taɓa kira na da sassafe, murya na rawa. Daren jiya ta ga hoton wata amarya sanye da rigar da ta ɗinka, amaryar ma ta yi tagin ɗinta, sai ta ɗauka ta saka a shafin shago. Kafin gari ya waye saƙo biyu sun shigo. Na farko daga mai hoton bikin, yana tambayar wa ya ba ta aikinsa ta yi talla da shi. Na biyu daga yayar ango, kuma shi ne ya fi zafi. Muka sauke hoton, Hajiya ta yi ta ba da haƙuri, amma har yau gidan nan ba su sake kawo ɗinki ba.

Tun daga nan nake raba aikin gida biyu idan wani ya tambaye ni wace manhaja zai saya: gano inda aka ambace ka daban, samun izini daban. Manhajojin da ake tallatawa sun fi ƙarfi a na farko, amma rigima kusan kullum daga na biyu take fitowa.

Kafin ka fitar da ko sisi, tambayi kanka a ina kwastomominka suke magana. A wajenmu yabo mafi yawa a sitatus ɗin WhatsApp yake, sai sitorin Instagram, sai rukunonin mata na Facebook da ba kowa ke shiga ba. Babu manhajar da ke leƙa WhatsApp, komai tsadarta, domin saƙonninsa a rufe suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa. Haka shafin da mai shi ya kulle, haka rufaffen rukuni. Idan nan ne kasuwarka take, ka riga ka tsira da kuɗinka.

Zaɓi na farko, wanda nake ba mafi yawan mutane shawara, shi ne kayan kyauta da ke cikin dandalin kansa. Idan shafinka na kasuwanci ne, Meta Business Suite zai tara maka saƙonni da sharhin Facebook da Instagram wuri ɗaya, kuma ɓangaren hotunan da aka yi maka tagin yana nan a shafinka. Wanda ya ambace ka a sitori, sanarwa za ta faɗo cikin akwatin saƙonka. Matsalar ita ce sitori awa 24 yake yi ya ɓace, don haka mai leƙawa ranar Juma'a kaɗai ya yi asarar kwana shida. Kuma wannan hanya tana nuna maka wanda ya kira sunanka daidai da alamar @ ne kawai. Wadda ta rubuta "kayan Hajiya ba a magana" ba tare da tagin ba, sai dai ka neme ta da hannu.

Neman da hannu yana da tasa dabarar, saboda yadda muke rubuta Hausa a waya. A ce, misali kawai, sunan shagonka Gidan Ƙamshi. Wani zai rubuta kamshi, wani qamshi, wani k'amshi, wani ya haɗe kalmomin biyu. A dandalin X kana iya tara su a bincike ɗaya, ka cire naka rubutun:

```
("gidan kamshi" OR "gidan qamshi" OR "gidan k'amshi" OR gidankamshi) -from:sunan_shafinka
```

A Instagram da TikTok kuwa sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Google Alerts kyauta ne, amma shafukan labarai da na yanar gizo yake kamawa. Ga mai sayar da turaren wuta ko atamfa, zai iya shekara bai turo masa komai ba.

Zaɓi na biyu shi ne manhajojin sa ido na kuɗi, irin su Brand24, Mention, Hootsuite da Sprout Social. Kana ba su kalmomi, su riƙa tattaro maka duk inda suka bayyana a fili. Suna da amfani ga kamfanin da ake ambata sau ɗari a rana, musamman a X da jaridu, wanda ke son jin ƙorafi kafin ya zama gobara. Sai dai ka san abu uku. Kuɗinsu da dala ne, wata-wata, kuma naira ba ta zama wuri ɗaya. A Instagram ba sa ganin fiye da abin da Meta, kamfanin da ya mallaki Instagram, ya buɗe musu ƙofa: binciken alamar # ma an ƙayyade shi, alamomi 30 daban-daban cikin kwana 7 ga kowane shafi. Na uku, ma'aunin da suke yi na cewa wannan yabo ne wannan suka ne, ban yarda da shi a Hausa ba. Mace ta rubuta "wannan turare zai kashe ni", ai ƙarshen yabo ke nan, amma kada ka yi mamaki idan ka same shi a jerin ƙorafi. Idan manhajar na da kwanakin gwaji kyauta, saka duk rubuce-rubucen sunanka ka ƙirga abin da ta kawo wanda ba ka riga ka gani da idonka ba. Idan bai wuce biyu ko uku ba, rufe.

Na uku su ne waɗanda aka gina don neman izinin kansa, kamar TINT, Flowbox da Bazaarvoice. Suna aika roƙo a ƙarƙashin hoto, wanda ya saka hoton ya amsa da wata alamar # da aka tanada, manhajar ta ajiye amsar a matsayin hujja. Tsari ne mai kyau ga babban kamfani mai lauya da shagon intanet. Amma ka yi tunanin matar aure a Zariya ta ga dogon saƙon Turanci a bainar jama'a yana cewa ta amince da sharuɗɗan da ke wani shafi. Ko ta yi shiru, ko ta kulle shafinta. Mu sallama da gaisuwa ne ke buɗe baki.

Saboda haka ga shago ƙarami ko matsakaici, abin da nake zaɓa shi ne kayan kyauta, da takardar lissafi ɗaya a Google Sheets, da mutum ɗaya da aka ɗora wa aikin. Ga yadda muke yi a shafin Hajiya yanzu.

Sau biyu a rana ake dubawa, da hantsi da bayan isha'i, saboda sitori. Duk abin da aka gani mai kyau, a ɗauki hoton allonsa a rubuta a takarda: rana, sunan shafi, inda aka gani, da waye a cikin hoton. Wannan gurbin na ƙarshe shi ne darasin da muka saya da tsada. A doka, haƙƙin mallakar hoto yawanci na wanda ya ɗauka ne, ba na wanda aka ɗauka ba. A Nijeriya Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ce ke kula da wannan, ita kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafi fuska da sunan mutum. Ke nan hoton biki na iya buƙatar amincewar mutum biyu, amarya da mai hoto. Mai hoto na iya kai ƙara wa Instagram a cire abin, kuma idan ƙorafin ya yi ta maimaituwa ana iya rufe shafin gaba ɗaya. Hoton da ke da yara, ko ƙawayen amarya takwas a jere, ba ma ma fara tambaya, wucewa muke yi.

Sai roƙon. Ta akwatin saƙo muke turawa, ba ƙarƙashin hoto ba, don kada mutum ya ji nauyin cewa a'a a gaban jama'a. Kusan haka yake:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da yamma. Mun ga hoton da kika saka da rigar, wallahi ta karɓe ki, Allah ya sa a kashe lafiya. Muna neman izininki mu saka shi a shafinmu na Instagram da sitatus ɗinmu na WhatsApp, ba tallan kuɗi ba. Kina so mu sa sunanki ko mu ɓoye? Fuska ta fito ko mu yanke? Idan babu hali ba komai, kuma duk ranar da kika ce a cire za mu cire."

Kowace jimla a ciki tana da dalili. An faɗi wane hoto, an faɗi inda za a sa, an ba ta zaɓin fuska. Mata da yawa da za su ƙi, suna yarda da zarar sun ji daga wuya zuwa ƙasa ne. Wasu za su ce "bari in tambayi maigida", sai a rubuta "ana jira" a bar su. Alamar zuciya ko "na gode" ba izini ba ne. Muna jiran "eh, ku saka", mu ɗauki hoton amsar mu liƙa a takarda. Idan da murya ta amsa, sai mu rubuta mata "to mun ji kin amince da kaza da kaza", ta ce eh. Shiru na kwana uku, tuni ɗaya, daga nan a rufe maganar.

A makon bayan ƙaramar sallar da ta wuce mun tara hotuna 14. Biyar mun zubar tun farko: uku akwai yara, biyu hasken bai yi ba. Tara muka tambaya. Huɗu suka yarda kai tsaye, biyu suka ce a yanke fuska, ɗaya ta ce a'a, biyu ba su amsa ba. Cikin shidan da suka yarda, ɗaya aikin situdiyo ne, sai da muka nemi mai hoton, ya ce a sa sunansa a sama ba a ƙarshen rubutu ba. Wani abin lura: tara daga cikin 14 ɗin a sitatus ɗin WhatsApp Hajiya ta gan su da kanta, inda babu manhajar kuɗin da za ta kai.

Wajen sakawa ma akwai zaɓi. Idan an ambace ka a sitori, Instagram kan ba ka maɓallin "Add to your story", wanda ke ɗauke da sunan mai shi. Duk da haka ina tambaya, domin wadda ta saka wa ƙawayenta ɗari biyu ba ta shirya wa mabiyanka dubu arba'in ba. Ga hoto ko bidiyo na dindindin, wallafar haɗin gwiwa ta fi: ita ta gayyace ka a matsayin abokin wallafa, abin ya fito a shafukanku biyu, kuma ragamar tana hannunta. Sauke hoto ka sake ɗorawa shi ne mafi haɗari, a nan ne rubutaccen izini ya zama dole.

Tallan kuɗi kuwa wani sabon roƙo ne, ko da an ba ka izinin farko. A TikTok akwai Spark Ads, inda mai bidiyon ke samar maka da lambar izini mai wa'adi, daga kwana 7 har zuwa 365, kuma a nan ya dace a yi maganar biya ko rangwame a ɗinki na gaba. A takardarmu mun ƙara gurbi na ƙarshe, "ranar sake dubawa", wata shida bayan sakawa. Budurwar da ta yarda a watan Shawwal tana iya zama matar wani kafin babbar salla, shi ya sa Hajiya ta ce na 'yanmata a riƙa duba shi duk wata biyu.