Manhajar WhatsApp Business ko injin amsa na gaske: wanne ya dace da shagon atamfa?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da atamfa da leshi a Marwa. Kullum tambaya ɗaya ce a WhatsApp: nawa ne, ina shago, kuna aikawa Garwa? An ce akwai injin da ke amsawa da kansa. In sa WhatsApp Business ne, ko in biya a haɗa min wanda ake kira Cloud API?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Sunan ne ya yi kama, amma aikinsu daban.

Manhajar WhatsApp Business kyauta ce, a wayarki take zaune, kuma ba ta fahimtar abin da mai saye ya rubuta. Idan wayarki da Faransanci take, za ki ga Message d'accueil, Message d'absence da Réponses rapides. Na farkon gaisuwa ce da ke tafiya da kanta ga wanda ya fara yi miki magana, ko wanda ya dawo bayan kwana 14 ba ku yi magana ba. Na biyu yana tafiya a lokutan da kika ce ba kya nan. Na ukun kuwa ke ce za ki danna: ki adana dogon bayanin farashi da sunan `/farashi`, duk wanda ya tambaya ki buga `/` ki zaɓa, ya tafi.

Inda mutane ke yin tuntuɓe shi ne su rubuta a gaisuwa, "danna 1 don farashi, 2 don adireshi." Mai saye ya turo 1, shiru, domin manhajar ba ta san me za ta yi da lambar ba. Gara ki zuba amsar a cikin gaisuwar kanta: "Sannu da zuwa. Shago na buɗe 8 na safe zuwa magariba, ban da lokacin Juma'a. Muna aikawa Garwa da Kusiri ta mota, kuɗin mota na mai kaya ne. Farashi na cikin Catalogue." Catalogue ɗin shi ne wurin da kike jera hotunan kaya da farashinsu a cikin manhajar. Ki sani kuma saƙon ba ya fita sai wayar na kunne da data. Daren da aka ɗauke wuta caji ya ƙare, mai gadin naki ma ya yi barci.

Shi Cloud API ba a waya yake ba. Saƙo na shigowa Meta, mai WhatsApp, ta miƙa shi ga wata kwamfuta da ke kunne dare da rana a intanet, shirin da ke ciki ya duba ya mayar da amsa. Nan ne mai saye zai ga maɓallai, har guda 3 a saƙo ɗaya, ko jerin zaɓi har 10, ya taɓa "Farashi" amsa ta zo ƙarfe biyun dare. Maɓallan nan sun fi a ce injin ya riƙa farautar kalma, don a garinmu wani zai rubuta "nawa", wani "combien", wani ya yi Fulatanci. Da yawa ma murya suke turowa, injin mai sauƙi kuwa ba ya jin murya. Dole a tanadi amsar "an ji, Hajiya za ta saurara da safe", ke kuma ki saurara ɗin.

Kuɗinsa ba a saƙon amsa yake ba. Idan mai saye ya rubuto, akwai awa 24 da za a amsa masa ba caji. Bayan nan sai da saƙon da Meta ta riga ta amince da tsarinsa, kuma na talla biya ake yi. Abin da zai ci sefarki shi ne hayar kwamfutar wata-wata da ladan mai haɗawa, da komawa wurinsa duk ranar da farashin turmi ya canza, in bai yi miki wurin gyarawa da kanki ba. Ki tambaye shi wannan kafin ki ba da kafin alƙalami. Ki tambaye shi mabuɗin shiga da ya sa, wato lambar sirrin da ke ba injin izinin aika saƙo: na gwaji ba ya wuce awa 24. Na ga injin da ya yi aiki lafiya ranar da aka biya, washegari ya yi gum, ba don komai ba sai wannan. Sannan a fara gwaji da sabon layi, kada a taɓa lambar da abokan cinikinki suka sani.

Ni dai a shagonki da manhajar zan fara. Ki ɗauki littafi kwana uku, ki ja layi ga kowane saƙo. A ce 40 ne a rana, 25 farashi, 10 adireshi da aike, sauran ciniki: gaisuwar da Catalogue sun ɗauke yawancin 35 ɗin, biyar ɗin nan kuwa na "Hajiya a rage mana" ne, ba injin da zai yi miki su. Idan lissafin ya nuna saƙonni sun haura ɗari, rabinsu da dare, kuma da safe kina tarar da sun saya a wani wuri, to a nemo mai haɗawa, ki miƙa masa littafin nan ya fitar da maɓallai ukun daga ciki.