Hoton kare da gwajin yawu: wanne ke faɗin jinsinsa?

"Ga hoton karena, baƙi ne, gashinsa gajere, kunnuwansa a kwance. Kowa na cewa ruwa biyu ne na Labrado. Hoton ya isa a gane, ko sai an yi gwaji?"

Ɗan'uwa, hoton bai isa ba, kuma irin karenka shi ya fi ruɗar mutane. Abin da ido ke gani, wato launi da tsawon gashi da tsayuwar kunne, 'yan ƙwayoyin gado ƙalilan ne ke juya shi, wasunsu kuma suna danne wasu. Baƙin launi yakan danne sauran launuka, gajeren gashi kuma yakan danne dogo.

Ɗauki Goldin Ritiriba, mai dogon gashi ruwan zinariya. Yawancinsu suna ɗauke da ƙwayar baƙin launi a ɓoye, wata ƙwaya ce daban take hana baƙin fitowa. Idan aka haɗa shi da Boksa, mai gajeren gashi ja-ja, Boksan yana kawo ƙwayar da ke sakar wa baƙin hanya, gajeren gashinsa kuma ya yi rinjaye. Sai kwikwiyo ya fito baƙi wuluk, gashi gajere, kunne a kwance. Duk wanda ya ga hotonsa zai rantse Labrado ne, alhali babu ɗigon jinin Labrado a jikinsa, kuma bai yi kama da uwarsa ko ubansa ba.

Ko waɗanda kula da karnuka ne aikinsu suna faɗawa wannan tarkon. A 2009 wata likitar dabbobi mai suna Victoria Voith ta gwada karnuka 20 a Amurka, ta kwatanta jinsin da cibiyoyin da ke ba da su riƙo suka rubuta da sakamakon gwajin ƙwayoyin halittarsu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka dace.

Shi kuwa gwajin, ana goga auduga a cikin kumatun kare, a duba dubban wurare a ƙwayoyin halittarsa, a kwatanta da na jinsunan da kamfanin ya adana. Idan ɗaya daga iyayen tsantsar jinsi ne, zai fito wajen kashi 50 cikin 100, kaka kuma wajen 25. Waɗannan ina yarda da su. Ƙananan kason da ke can ƙasan takarda, irin 5 ko 6, ba na dogara da su. Gwajin kuma ba ya gane jinsin da babu shi a ma'ajiyarsa. Karnuka da yawa a duniya ma ba su fito daga wani jinsi mai rajista ba, kuma wasu kamfanoni kan laƙaba musu sunan jinsin da ya fi kusa da su.

Hoto yana da nasa amfanin: yana nuna girman kare da nau'in gashinsa da ƙiba ko ramarsa. Ka ɗauke shi a tsaye, daga gefe, cikin hasken rana, domin hoton kusa da fuska yana ƙara girman kai da hanci. In kuwa kana son sanin jinsin saboda cututtukan gado ne, ka yi gwajin, ka kai wa likitan dabbobi sakamakon.