Hirar bankwana da ma'aikaci: wa ya kamata ya yi ta, kuma ta wace hanya?

Ma'aikacin da ya miƙa takardar ajiye aiki yana da abubuwa biyu a gabansa: haƙƙoƙinsa na ƙarshe da ba a biya ba tukuna, da takardar shaidar da sabon wurin aiki zai iya nema. Muddin waɗannan suna hannunka, idan ka tambaye shi dalilin tafiyarsa zai ce ya samu inda aka fi biya, ko ya ce uzurin iyali ne. Ba ƙarya ya yi ba, amma ya zaɓi amsar da ba za ta ja masa komai ba. Tun a 1969 Lefkowitz da Katz suka kwatanta dalilan da ma'aikata suka bayar a hirar bankwana da waɗanda suka bayar bayan watanni da barin aiki, suka tarar da yawa sun canza magana. Saboda haka duk hanyar da za ka zaɓa, ka auna ta da tambayoyi biyu: shin mai tafiyar zai saki baki a cikinta, kuma abin da ya faɗa zai kai kunnen wanda ke da ikon gyarawa?

Hanya mafi sauƙi ita ce shugaban ma'aikacin na kai-tsaye ya zauna da shi. Ba ta cin ko sisi, kuma shi ya fi kowa sanin aikin. Amma ban ba da shawararta ba, domin sau da yawa shi kansa shugaban ne dalilin tafiyar, kuma shi zai rubuta rahoton. Ya yi zaman miƙa aiki da sallama, wannan nasa ne. Hirar kuwa a ba wani.

Sashen kula da ma'aikata shi ne ke yin yawancin irin wannan hira. Binciken da Everett Spain da Boris Groysberg suka buga a mujallar Harvard Business Review a 2016 ya nuna haka, ya kuma nuna abin da ya fi damuna: cikin shugabannin da kamfanoninsu ke yin hirar, waɗanda suka iya kawo misalin wani mataki guda da aka ɗauka a dalilinta ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Jami'in kula da ma'aikata yana da amfani na gaske. Yana yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, yana ajiye amsoshi wuri ɗaya, don haka shi ne zai fara lura idan koke guda ya yi ta maimaituwa. Rauninsa shi ne ba shi da iko a kan manajan sashe. Zai rubuta, ya saka a fayil, shi ke nan. Akwai kuma wani kuskure da ake yawan yi: a haɗa hirar da karɓar katin shaida da makulli da kwamfuta a ranar ƙarshe. Mutum yana sa hannu a takardar biyan haƙƙinsa ana tambayarsa ra'ayinsa kan shugabansa, me kake tsammanin zai ce? Idan wannan hanyar ka zaɓa, ka raba zaman biyu, ka kuma ayyana sunan babban jami'in da rahoton zai je wa.

Hanya ta uku ita ce shugaban shugabansa, wato wanda ke sama da shi da mataki biyu, ko wani babba daga wani sashe dabam. A ƙaramar ma'aikata ko matsakaiciya ita na fi so. Mai tambayar yana da ikon canza jadawalin aiki, ya kira manaja ya yi masa magana, ya duba tsarin ƙarin girma. Mai tafiyar ma yana jin an ɗauke shi da daraja. Sai dai tana cin lokacin manya, kuma babba yana da wata ɗabi'a mai kashe hira, wato kare kai. Da ma'aikacin ya ce an hana shi hutu sau biyu, sai ya fara bayanin yadda aiki ya yi yawa a lokacin. Daga nan bakin ma'aikacin ya rufe. Wanda zai yi wannan hira sai ya iya cewa "na ji, ba ni misali" ya yi shiru. Idan kuma kowa ya san shi da manajan da ake kuka da shi bakinsu ɗaya, to ba cinya ba ƙafar baya, a nemo wani.

Sai fom na rubutu, a takarda ko ta Google Forms ko Microsoft Forms ko SurveyMonkey. Yana da arha, yana ba da lambobin da za a iya kwatantawa, kuma wasu sun fi iya rubuta abin da ba za su faɗa ido da ido ba. Amma fom ba ya bin sawun magana. Mutum ya zaɓi "albashi" a jeri, babu mai tambayarsa me ya sa albashin da ya ishe shi bara bai ishe shi bana ba. Kada kuma a yi alƙawarin ɓoye suna idan ba zai yiwu ba. Inda mutum ɗaya ne ya tafi a wata, kowa ya san wanda ya cike fom ɗin. A wurina fom share fage ne: a aika shi kwana biyu ko uku kafin zama, mai hirar ya karanta, ya san inda zai tona.

Hanya ta ƙarshe ita ce a ɗauko kamfanin waje ya kira mutumin ta waya, galibi bayan wata ɗaya zuwa uku da tafiyarsa, lokacin da ya karɓi haƙƙinsa ya kama sabon aiki. A nan aka fi samun magana ba ɓoye-ɓoye. Kuɗi take ci, wasu ba sa ɗaukar waya, kuma labarin yana iso maka a makare. Ta dace da babbar ma'aikata da mutane ke fita da yawa, ko inda ake zargin matsalar tana can sama. Kafin ka sa hannu a kwantiragi ka tambaye su kashi nawa na tsofaffin ma'aikata suke samun amsa daga gare su, mutum nawa ne mafi ƙaranci da suke haɗawa kafin su fitar da rahoton sashe guda (da yawa suna tsayawa a biyar), a ina suke ajiye bayanan mutane da tsawon wane lokaci, da kuma abin da suke yi idan wani ya ambaci cin zarafi ko almundahana.

Wannan na ƙarshen ya shafi kowace hanya. Tun a farkon zama a faɗa wa ma'aikacin iyakar sirri: ra'ayinsa za a haɗa da na wasu ba tare da suna ba, amma zargin cin zarafi ko sata ko abin da ke barazana ga lafiyar mutane dole a kai gaba a bincika. A kuma gaya masa hirar ba tilas ba ce, kuma ba ta da alaƙa da takardar shaidarsa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakiyar wa'adin da ya bayar kafin tafiya. A ranar da ya miƙa takarda rai a ɓace yake ko a ɗarare, a ranar ƙarshe kuwa hankalinsa ya riga ya yi gaba. Minti talatin zuwa arba'in da biyar sun isa.

Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: yaushe ka fara neman wani aikin, kuma me ya faru a lokacin? "Me ya sa za ka tafi" tana kawo labarin sabon wurin. "Yaushe ka fara nema" tana komar da mutum ranar da zuciyarsa ta fita daga nan. Bayanta sai a tambaye shi ko ya taɓa faɗa wa wani damuwar, da abin da aka ce masa. Wannan tana da nauyi, domin kamfanin Gallup ya ruwaito a 2019 cewa kashi 52 cikin ɗari na waɗanda suka bar aiki don raɗin kansu a Amurka sun ce da akwai abin da shugabansu ko ma'aikatar za su iya yi su tsaya, kashi 51 kuma sun ce a watanni ukun ƙarshe babu shugaban da ya tattauna da su kan jin daɗin aikinsu ko makomarsu. Sai kuma: aikin da aka kwatanta maka ranar ɗauka ya yi daidai da wanda ka tarar? Me sabon wurin ya ba ka ban da kuɗi? Wanda zai gaje ka, me zai fi ba shi wahala a watansa na farko? Wannan ta ƙarshe tana buɗe bakin mai kunya, domin yana ganin taimako yake yi, ba ƙarar wani yake kaiwa ba.

A ɗauka ma'aikata ce mai mutum 60, tara sun ajiye aiki a shekara guda. Kashi 15 cikin ɗari ke nan, ba abin tayar da hankali ba a kallon farko. A fom, bakwai cikin taran sun zaɓi albashi. Da a nan aka tsaya, sai a fara lissafin ƙarin albashi ga kowa. Amma da aka raba su sashe-sashe, biyar daga sashen kula da abokan ciniki suka fito, mai mutum 12. Wannan kusan kashi 42 ne, sauran ma'aikatar kuwa huɗu cikin 48, kusan kashi 8. Da aka duba amsar "yaushe ka fara nema", huɗu cikin biyar ɗin sun ambaci wata guda, watan da aka daina fitar da jadawalin aiki mako biyu kafin lokaci aka koma sanarwa ana gobe. Uku sun ce sun yi wa manaja magana, ya ce na ɗan lokaci ne. Albashin gaskiya ne, sabon wurin ya fi biya, amma ba su fara dubawa ba sai da suka kasa sanin ranar hutunsu.

Kafin a taɓa komai sai a gwada maganar da waɗanda suka rage. Mutum biyar masu tafiya ba su ne sashen ba, kuma mai ɓacin rai yakan ƙara gishiri. A zauna da waɗanda ke aiki a sashen yanzu ɗaya bayan ɗaya, a tambaye su yadda jadawalin ke zuwa musu, ba tare da cewa wane ya ce kaza ba. Idan sun tabbatar, a mayar da sanarwar mako biyu, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin hakan da ranar farawa, a gaya wa sashen cewa koken da aka ji ne ya jawo canjin. Manajan a nuna masa lambobin da jigon koken, kada a karanta masa kalmomin mutum yadda ya faɗe su, don zai gane mai maganar daga salonsa. Bayan wata shida a sake ƙirga masu fita daga sashen.

Ga ma'aikatar da ba ta kai mutum ɗari ba, gajeren fom tare da zama da babba daga wani sashe sun wadatar, a riƙa tattara amsoshi duk wata uku ko shida. Inda masu fita suka yi yawa har babba ba zai iya zama da kowa ba, sashen kula da ma'aikata ya yi hirar, a ware wa manya waɗanda tafiyarsu ta fi ciwo. Kamfanin waje kuma a kira shi idan sunan da ke yawan fitowa a hirarrakin na wanda rahoton ke zuwa teburinsa ne.